Za A Sanar Daga Baya

Shekara biyar na yi a ƙasar Sin. Ta farko yare kawai aka koya mana, sauran huɗun na karanta aikin gona. Da na dawo Keffi ban sami mai neman ilimin noman da na kawo ba. Na yi ta zirga-zirgar Abuja da takarduna a jaka har na haddace kowane rami na hanyar Mararaba. Daga ƙarshe bakina aka nema. Wani kamfanin Sinawa ya buɗe wurin fasa dutse a bayan gari, idan ka ɗauki hanyar Gitata ka ratse cikin daji, kuma suna neman tafinta. A lokacin Abuja sai gine-gine take yi, tifofi suna ta kai mata tsakuwa ba ta ƙoshi. Umma ba ta so in yi aiki a cikin maza ba, amma ta ga zaman da nake yi a gida, sai ta ce in je, in dai zan dawo kafin magariba.

Aikina iri biyu ne. Na farko, in tsaya tsakanin manaja da ma'aikata idan ana magana. Wannan bai ba ni wahala ba, Sinancin baki ne, irin wanda na yi ciniki da shi a kasuwa na yi faɗa da shi a ɗakin kwanan ɗalibai. Na biyun shi ne takardu. Babban ofishin kamfanin yana Abuja, daga can ake aiko da sanarwa, a buga ta a takarda, da jan hatimi mai zagaye a ƙasa. Yaren takardun nan daban yake da wanda mutane suke magana da shi. Kowace sanarwa tana farawa da "bisa ga" wani umarni da ba a nuna maka ba. Daga nan sai "bayan nazari, an yanke". Ba a faɗin wanda ya yi nazarin, ba a faɗin wanda ya yanke. Sinanci yana iya gina jimla cikakkiya ba tare da mai aikatawa a cikinta ba. Sai a jero abubuwa, na ɗaya, na biyu, na uku, a rufe da wasu baƙaƙe huɗu da ba sa canzawa, ma'anarsu "an sanar da wannan musamman".

Ma'aikatanmu kuwa Mada ne da Eggon da Gwandara da Hausawan cikin gari, da 'yan kudu kaɗan. Hausa ce ta haɗa yawancinsu, kuma ga wasu ita ce yare na biyu ko na uku. In na karanta musu "bisa ga" da "bayan nazari", kallona kawai za su yi. Sai na samar wa kaina dabara. Duk takardar da ta zo, tambaya uku nake yi mata: wa ake nufi, me zai yi, yaushe. Abin da ya amsa waɗannan in faɗa, saura in bar shi a takarda.

Dabarar ta yi mini aiki. Akwai wata doguwar sanarwa a kan tsaro, shafi guda cif, wadda na mayar da ita: "Ba hular kwano, ba shiga." Akwai ta tayar da nakiya, wadda ta ce an haramta kusantar wurin haramci mai tsanani, wanda ya saɓa kuwa sakamakon yana kansa. Na je ƙauyen da ke kusa da mu na ce wa mai unguwa, Talata da Alhamis da ƙarfe biyu, in an ji jiniya a janye yara da awaki daga gindin dutse. Ya ce shi ke nan? Na ce shi ke nan. Har na bar wurin ko akuya ba ta ji ciwo ba. Na ɗauki kaina gwana, ba zan ɓoye ba.

A cikin ma'aikatan akwai wani dattijo Bamade daga wajen Garaku, mai tuƙa babbar katafilar da ke kwasar dutse bayan an fasa. Kowa Baba yake ce masa, har Sinawan. Ya haura hamsin, gajere ne, ba ya son hayaniya. An ce tun ana shimfiɗa titunan farko na Abuja yake kan katafila. Matarsa, Mama, ita ke sayar da shinkafa da wake da doya a rumfar bakin ƙofa. Satin farko da na fara aiki ina cin abincina ni kaɗai a ofis, sai ta aiko a kira ni, ta share mini benci a bayan tukwanenta inda maza ba sa zama. Ranar Juma'a in ma'aikata Musulmi sun tafi masallaci, ni da su biyun muke zama. Baba yana ce mini 'yata. Yakan tambaye ni ko da gaske ne can mutane suna cin shinkafa da sanduna, ko kuwa a fim ne kawai.

Ina cikin shekarata ta uku, gab da faɗuwar damina, wata safiyar Alhamis manaja ya kira ni ofis. Mutum ne siriri mai yawan shan taba, iyalinsa suna can ƙasarsu, ba mugu ba ne. Ya miƙo mini takarda ba tare da ya dube ni ba, ya ce a tara ma'aikata da ƙarfe goma.

Na karanta a tsaye. Gajeriya ce. Ta ce bisa ga bukatun daidaita ayyukan kamfani, bayan nazari, an yanke cewa daga ranar Litinin an dakatar da aiki a wurin na wucin gadi. Ma'aikatan da abin ya shafa, a bisa ƙa'ida, za su kasance cikin jiran aiki. Lokacin komawa aiki za a sanar da shi daban. An sanar da wannan musamman.

Na yi mata tambayoyina uku. Wa? "Waɗanda abin ya shafa." Me za su yi? Jira, amma "a bisa ƙa'ida". Wannan kalmar na san ta tun ina makaranta: duk inda aka sa ta, mai rubutu ya bar wa kansa ƙofar fita ne, yana nufin haka ne sai in ba haka ba. Yaushe? Babu.

Na ce wa manaja, "Wucin gadin nan, sati nawa ne?"

Ya ce, "Abin da aka rubuta ke nan."

"Za su tambaye ni."

"Ki faɗa musu abin da aka rubuta."

Na ce, "To su waye abin ya shafa? Har da masu gadi? Har da ni?"

Ya kashe tabarsa, ya ce shi ma da safen nan ya ga takardar a wayarsa, ya kira Abuja sau biyu, an ce masa shugabanni suna nazari. Ya ɗago ya dube ni a karo na farko, na ga ba ɓoye mini yake yi ba. Bai sani ba ne.

Da ƙarfe goma mutane suka taru a filin da tifofi ke juyawa, wajen mutum sittin ko fiye. An kashe injin niƙa dutse, wurin ya yi shirun da ban taɓa ji ba. Na hau matakalar ofis, manaja a gefena. Na ce, "Daga Litinin an tsayar da aiki na ɗan lokaci. Ba a kori kowa ba." Wannan gaskiya ne, ba kalmar kora a takardar. Sai na ce, "Ranar da za a dawo, za a sanar daga baya."

Wani daga baya ya ɗaga murya, "Malama, wa zai sanar?"

Wani ya ce, "Daga baya yaushe? Bayan Sallah ko bayan Kirsimeti?"

Surutu ya tashi. Foman ɗinmu, wato shugaban ma'aikata, yana tsaye a ƙasan matakala yana maimaita maganata ga 'yan kudu da Turancin kasuwa kamar yadda ya saba. Na ji ya ce musu, "Dem go call una." Sai ya juya ga sauran ya ce da Hausa, "Ku kwantar da hankalinku, an ce za a kira ku." Surutun ya lafa nan take. Na ga fuskoki sun saki. Ya ɗago ya ce mini, "Ko ba haka ba, Malama?"

Na san ba haka ba ne. Takardar ta ce za a sanar, kuma ana iya sanar da mutum komai, har da cewa babu. Kira kuwa a Hausa alkawari ne: wanda aka ce za a kira shi ya san ana riƙe da wurinsa. Amma mutum sittin suna kallona, manaja yana jira in gama, kuma ni kaina ina so ya zama haka. Na ce, "Haka ne. Za a kira ku."

Washegari Juma'a, da masu masallaci suka tafi, Baba ya zo bayan rumfa ya zauna a ƙarshen bencina. Mama ta bar ludayinta ta tsaya. Ya ce akwai wani ɗan cocinsu da ke aiki da wani kamfanin gine-gine a wajen Mararaba, ya kira shi jiya da yamma. Mai tuƙa katafilarsu ya tafi, suna neman wani, amma sai an ba da amsa kafin Litinin.

Ya ce, "'Yata, ke kika karanta takardar nan da idonki. In jira ko in tafi?"

Na ce, "Baba, takardar ta ce na ɗan lokaci ne."

"Na ji wannan jiya. Ni ba na jin yarensu, amma na yi aiki da Turawa iri-iri. Akwai ɗan lokacin da yake ɗan lokaci, akwai wanda ba shi ba ne. Wannan wanne ne?"

Na ce ban sani ba. Da na tsaya a nan da ya fi. Amma ya ci gaba da kallona, irin kallon da ake yi wa likita, sai na ji kunyar rashin sanin. Shekara biyar a ƙasar mutane, a ce takarda mai layi shida ta gagare ni. Na ce, "Da rufewa za su yi, da akwai kalmar rufewa, daban take. Nan dakatarwa suka rubuta. Kuma ga injuna nan ba a taɓa su ba."

Mama ta ce, "Kuma an ce za a kira su."

Ban gyara mata ba.

Baba ya ce Mararaba ba wurin zaman tsoho ba ne. Sai ya kama ɗaki da yara matasa, ko kuma ya riƙa kwana a hanya kullum cikin cunkoso. Nan kuwa yana kusa da gonarsa, matarsa tana kusa da shi, katafilar nan ya san ta kamar tafin hannunsa. Ya ce, "To, tunda 'yata ta ce dakatarwa ce, zan jira." Ya ciro wayarsa a gabana ya kira mutumin ya yi masa godiya.

Aka tsayar da aiki. Ni da masu gadi da manaja da wani injiniya ɗaya muka rage. Kullum ina zuwa da safe in zauna a ofis ba abin fassarawa. Ruwa ya sauka, ramin dutsen ya fara tara ruwa kore. Matasan ma'aikatan ba su jira ba. Sati biyu uku suka watse, wasu acaba a cikin gari, wasu Abuja. Dattawan ne suka jira, su da suke da iyali da gona a kusa. Duk ranar Litinin sukan zo su zauna a rumfar Mama, wadda yanzu tukunya ɗaya take ɗorawa. In na fito sai su miƙe. Ba sa tambayar manaja, ba sa ma kallonsa. Ni suke tambaya: "Malama, an kira?"

A cikin gari ma haka. In na shiga kasuwa sayen kayan miya sai wata mata da ban sani ba ta tare ni, ta ce ita matar wane ce mai walda, yaya maganar kiran. Har gida ake sallama. Umma ta fara ce wa mutane ina barci.

Bayan kamar wata biyu takarda ta biyu ta zo. Ta fi ta farko gajarta. Ta ce dakatarwar za ta ci gaba, lokacin komawa zai dogara da yadda hali ya kasance. Na zauna da ita awa guda. Na buɗe ƙamus ɗin da ke wayata na duba kalmomin da na riga na sani, ko akwai wata ma'ana da ta ɓoye mini. Na aika hotonta ga wata ƙawata Basiniya da muka yi makaranta tare, wadda ke aiki a wani ofis a can. Ta amsa da cewa irin wannan takarda ba a rubuta ta don a gane ranar ba, an rubuta ta ne don kada gobe a ce wani ya yi alkawari. Ta ce su a can ba kalmomin suke karantawa ba, suna duban abin da ke faruwa a gefe: an sabunta takardun izinin zaman Sinawan wurin? Ana gyaran injuna? An kawo mai? Na duba. Injiniyan ya tafi hutu gida tun wata guda bai dawo ba. Tankin mai ba a cika shi ba tun ranar da aka tsaya.

Ran Litinin na fita wurin dattawan. Wannan karon na karanta musu ita yadda take, kalma bayan kalma, har da "bisa ga" da "yadda hali ya kasance". Da na gama suka dubi juna. Wani mai walda ya ce, "Malama, yi mana da Hausa." Na ce da Hausa na yi. Ya ce, "A'a, irin wadda kika saba yi mana." Na ce takardar ba ta faɗi rana ba, ba ta ce za a dawo ba, ba ta ce ba za a dawo ba. Ya ce to ai wancan karon an ce za a kira su. Na ce duk wanda ya sami wani aiki ya kama. Wani ya ce, "Takarda ce ta ce haka, ko ke?" Na ce ni ce. Sai suka ɗauki maganar a matsayin ra'ayin yarinya, takarda mai jan hatimi kuwa ai ta riga ta ce za a kira su. Kalmar da na ara wa takardar ta fi ƙarfina.

Baba bai zo ran nan ba, yana gona. Asabar na hau mota zuwa Garaku, daga nan na hau acaba zuwa ƙauyensu. Na same shi yana kafa wa doya sanduna. Ya yi mamakin ganina, ya kai ni gindin mangwaro, Mama ta kawo ruwa. Na gaya masa komai. Na ce kalmar kira ba ta cikin takardar, foman ne ya faɗa ni kuma na amsa. Na ce ranar Juma'ar da ya tambaye ni ban san komai ba, na yi magana ne kamar na sani.

Mama ce ta yi magana, ta ce, "Ke da muka ɗauka kamar 'yar cikinmu." Ba da faɗa ta faɗa ba, kuma ba ta ƙara ba, ta ɗauki kofin ta shiga gida.

Baba ya ce, "Shi manajan ya sani?"

Na ce bai sani ba.

"Na Abuja sun sani?"

Na ce wataƙila, wataƙila kuma su ma suna jiran wasu a can ƙasarsu.

Ya ce, "To in duk waɗannan ba su sani ba, ke a ina za ki sani?" Ya yi ɗan murmushi. "Ni ma na so in ji abin da kika faɗa. Da kin ce in tafi, da na sake tambayar ki har sai kin ce in zauna."

Na so ya yi fushi. Da ya yi, da na sami abin riƙewa. Sai ya raka ni bakin hanya ya tsayar mini da acaba.

Satin da ya biyo ya je Mararaba. An riga an ɗauki wani tun tuni, yaro ɗan shekara talatin. Ya zaga wasu wuraren gini biyu uku a Karu da Nyanya. A wani wurin suka ce ya kawo takardar shaidar koyon aiki, shi da ya koya a kan katafila tun ba a haifi mai tambayar ba. A wani wurin suka dubi furfurarsa suka ce ya bar lambar waya.

Na gwada abin da zan iya. Na rubuta wasiƙa da Sinanci zuwa babban ofis, da irin yarensu, na fara da "bisa ga", na roƙi a duba yiwuwar mayar da shi wani wurin aikin kamfanin. Manaja ya gyara mini kalma biyu ya sa hannu a ƙasa, abin da ban zata zai yi ba. Amsa ta zo bayan sati uku, layi ɗaya: an karɓa, za a duba gwargwadon hali. Na san abin da wannan yake nufi. Ban fassara wa kowa ita ba.

Takarda ta uku ta zo bayan an cire doya. Ita kam doguwa ce. Ta ce bayan nazari an yanke a mayar da injuna da kayan aikin wurin zuwa wani aikin kamfani a wata jiha. Ma'aikatan da abin ya shafa za a yi musu tsari yadda ya dace bisa dokokin da suka shafi hakan. Har a nan ba a rubuta kalmar rufewa ba. Na tambayi manaja tsarin da ya dace ɗin, ya ce sallama ce, kowa za a ba shi takardarsa da haƙƙinsa. An kuwa bayar, ban ce an zalunci kowa a nan ba. Da jerin sunaye a shafi na biyu, an rubuta su da baƙaƙen boko a tsakiyar Sinancin. Sunana ne na ƙarshe.

Mutum goma sha ɗaya suka zo jin ta. Ban hau matakala ba, a rumfar Mama na tsaya, wadda ta riga ta kwashe tukwanenta. Na ce, "An rufe. Za a kwashe injuna. An sallame mu duka, har da ni." Ba wanda ya ce in sake yi da Hausa.

Ranar kwashe kaya aka kawo doguwar mota mai ɗaukar katafila. Direban motar ya ce shi ba ya hawa da ita, ba aikinsa ba ne, kuma katafilar ta yi wata bakwai ba a tayar da ita ba. Manaja ya ce in nemo Baba. Na riƙe wayar na daɗe kafin in danna. Ya zo da tsakar rana da kayan aikinsa a wanke, da hular kwanonsa. Ya zaga ta sau ɗaya, ya cire gidan zanzaro daga cikin ɗakin tuƙi, ya sa aka canza batir aka zuba mai. Ta yi tari ta tashi. Ya hau da ita kan motar a hankali, ƙafafunta na ƙarfe suna ƙara a kan gadon motar, ya naɗe hannunta ya kwantar da bokitin, ya kashe. Bai sauko nan da nan ba. Muna tsaye a rana muna jira, ba wanda ya ce masa ya yi sauri.

Da ya sauko manaja ya kama hannunsa da hannu biyu ya yi magana mai ɗan tsawo. Ya juyo gare ni. Abin da ya faɗa irin maganar ban kwana ce tasu, ta gode wa gudummawar da aka bayar da fatan haɗin kai a gaba idan dama ta samu. Amma har ya gama bai saki hannun Baba ba. Na ce, "Baba, ya ce ya gode, kuma bai ji daɗin yadda abin ya ƙare ba." Rabin farko ne kawai manaja ya faɗa. Baba ya ce in ce masa Allah ya kai shi gida lafiya wurin iyalinsa.

Bayan haka na koyar da kimiyyar noma a wata makarantar sakandare a cikin gari, ina kuma yi wa 'yan kasuwa masu sayo kaya daga can fassarar saƙonni in sun kawo. Baba bai sake hawa katafila ba. Ya koma noma gaba ɗaya, gwiwarsa kuma ta fara damun sa. Mama ta sami wuri kusa da tashar mota a Keffi, tana zuwa da asuba ta koma da yamma. In na wuce muna gaisawa, tana tambayar Umma, amma ban sake zama a wurinta ba, ita ma ba ta ce in zauna ba.

Wata rana bayan shekara biyu aka yi sallama a gidanmu da hantsi. Baba ne, da doya shida a buhu, ya ce na Umma ne. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure. Ya rame. Muka yi maganar damina da tsadar taki da gwiwarsa. Can ya ce akwai abin da ya kawo shi. Autarsa ta gama sakandare, tana da ƙoƙari, kuma ta ji ana ba da gurbin karatu zuwa ƙasar Sin. Ita dai tun tana jin labarina a gida take cewa yaren nan take son koya. Ya ce, "Ke kika san hanyar. In bar ta ta nema, ko in ce ta yi karatun nas a nan kusa?"

Na ce zan rubuta masa takardun da ake bukata da inda ake nema da lokacin da ake buɗewa, wannan na sani. Ya ce ya gode, amma ba shi ya tambaya ba. Na ce, "Baba, wancan ban sani ba." Ya jira ko zan ƙara wani abu. Umma ta leƙo ta ce abinci ya sauka, kada ya tafi bai ci ba. Na tashi na shiga ɗauko masa.